Waya ba ta ganin filash ta adaftar OTG: ina matsalar take?

Na sa filash a adaftar OTG, wato ɗan mahaɗin da ke haɗa filash da ramin cajin waya, na jona a wayata, shiru. Babu wata sanarwa, kuma filash ɗin yana aiki lafiya a kwamfuta. Me ya kawo haka?

Malam, kafin waya ta nuna maka fayilolin da ke cikin filash, sai abu uku sun faru a jere. Da farko wayar za ta gane cewa yanzu ita ce mai masauki, wato ita ke jagorantar na'urar da aka jona mata. Bayan haka za ta ba filash ɗin wuta daga batirinta. A ƙarshe sai ta iya karanta tsarin da aka ajiye fayilolin a kansa. Duk inda aka tsaya cikin ukun nan, abin da ido zai gani kusan ɗaya ne, shi ya sa mutane suke ta sayen sabuwar adafta alhali laifin ba nata ba ne.

Hanya mafi sauƙi ta gano inda aka tsaya ita ce ka zare filash ɗin, ka jona linzamin kwamfuta mai igiya a wannan adaftar dai. Linzami ba ya cin wuta sosai, kuma babu ruwansa da tsarin fayil. Idan 'yar kibiya ta bayyana a fuskar wayar tana bin hannunka, to wayarka da adaftarka sun wanku, sai a koma kan filash. Idan kuwa ko fitilar ƙarƙashin linzamin ba ta kama ba, ka ajiye zancen filash gaba ɗaya, tun matakin farko abin ya ƙi.

Na gwada linzamin, shi ma bai yi ba.

To fara da saitin wayar. Wayoyi da yawa, musamman na Oppo, Realme, OnePlus da Vivo, da wasu na Tecno da Infinix, suna zuwa da OTG a kashe. Buɗe Settings, ka rubuta OTG a wurin bincike, domin kowane kamfani da inda ya ɓoye shi. A wasu yana ƙarƙashin Additional settings da sunan OTG connection. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne a yawancinsu yana kashe kansa idan ya yi minti 10 ba a yi amfani da shi ba. Jiya ya yi aiki, yau ya ƙi, sai mutum ya ɗauka wani abu ya lalace, alhali maɓallin ne ya koma inda yake. Wayoyin Samsung da Pixel ba su da wannan maɓallin, da kansu suke kunnawa, don haka rashin ganinsa a Settings ba ya nufin wayar ba ta da OTG.

Idan saitin a kunne yake, cire rigar wayar. Bakin adafta yakan yi kauri, riga mai kauri kuma ta tokare shi ya kasa shiga har ƙarshe, ko da a ido kamar ya zauna. Sannan ka haska ramin caji da fitila. Ƙura da zaren aljihu suna taruwa a can ƙasa su dunƙule, kuma waya tana iya ci gaba da caji a hakan, domin haƙoran da ke ɗaukar wuta daban, na ɗaukar bayanai daban. Tsinke na itace ko na roba, a hankali, wayar a kashe. Kada ka sa allura.

Ashe ba kowace adafta ce ke yin wannan aikin ba? Na ga duk kamarsu ɗaya.

A waje ne suke kama. Waya ba ta sakin wuta ta ramin caji haka kawai, sai an ba ta alama, kuma adaftar ce ke ba da alamar. A tsohon baki na Micro-USB akwai haƙora biyar, na ƙarin shi ake kira ID. A adaftar OTG ta gaskiya an haɗe wannan haƙorin da layin ƙasa, da haka wayar take sanin ta zama mai masauki. A kebul na caji an bar shi a sake, saboda haka ko ka samo mahaɗi ka liƙa masa filash, wayar ba za ta ce uffan ba.

A bakin USB-C kuma alamar wata 'yar rezista ce, wato ƙaramar na'ura mai rage gudun wuta, mai ƙarfin kilo-om 5.1 a kan layin da ake kira CC. Wayar na jin ta sai ta saki bolt 5. Adafta mai arha da aka manta da wannan rezistar, ko aka sa mata irin ta kebul ɗin caji, ba za ta taɓa aiki ba, kuma babu wani saiti ko manhaja da zai gyara ta. A nan ne ma ƙananan mahaɗan da ke mayar da Micro-USB zuwa USB-C suke yawan ba da kunya: da yawansu don caji kawai aka yi su, to in ka ɗora tsohuwar adaftarka a kan irinsu, alamar ba ta isa wayar.

Gwajin ba wuya. Kai adaftar da linzamin kan wata wayar da ka san tana karɓar filash. In sun ƙi a can ma, adaftar ce. In sun yi a can, to wayarka ce: ko ramin cajin ya samu rauni, ko kuma tana cikin tsofaffi da masu arha da aka ƙera ba tare da OTG ba. Manhajojin da ke cewa za su duba maka ko wayarka tana da OTG, ni ban cika dogara da su ba, domin abin da manhajar wayar ta faɗa suke karantawa, ba abin da ke fitowa ta ramin ba.

Ni kuma nawa linzamin yana aiki, amma da na sa filash sai wayar ta ce ba ta gane shi ba, wai in yi masa fomat.

Kada ka taɓa wannan maɓallin tukuna, 'yar'uwa ko ɗan'uwa, duk abin da ke ciki zai tafi. Saƙon yakan zo da kalmomi irin su Unsupported ko Corrupted, kuma mafi yawan lokaci filash ɗin lafiyarsa ƙalau. Wayar ta gan shi, ta ba shi wuta, tsarin fayilolinsa ne ba ta iya karantawa.

Tsari uku ne aka fi haɗuwa da su. FAT32 shi ne tsoho, kusan kowace waya mai OTG tana karanta shi, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. Na biyu exFAT, wanda filash masu girma sukan zo da shi daga kamfani; sababbin wayoyi da yawa suna karanta shi, Samsung sun daɗe da shi, amma akwai tsofaffi da ba su san shi ba. Na uku NTFS, na Windows, kuma shi ne ya fi jawo wannan ƙorafin. Wasu wayoyin ba sa buɗe shi sam, wasu su nuna maka fayilolin amma su hana ka ajiye sabo.

Mu ɗauki filash mai gigabait 64 da wani ya taɓa yi wa fomat a kwamfuta don ya zuba manyan bidiyo. Ka mayar da shi kwamfuta, ka buɗe This PC, ka danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi Properties. A layin File system sai ka ga NTFS. An gano ɓarawon. Yanzu kwafe duk abin da ke ciki zuwa kwamfutar, ka buɗe biyu ko uku daga cikin fayilolin da ka kwafa don ka tabbata sun sauka lafiya. Sannan ka sake danna filash ɗin da maɓallin dama, ka zaɓi Format, ka sa exFAT, ka mayar da fayilolin, ka gwada a waya.

In har yanzu ta ƙi, wayar FAT32 kaɗai ta sani. A nan za ka ci karo da wani abin haushi: wannan akwatin na Format ba ya ba da zaɓin FAT32 ga filash da ya wuce gigabait 32. Mafita tana hannunka. Tunda kana da kwafin komai a kwamfuta, yanzu ne lokacin da za ka amsa wa wayar tayin da ta yi maka tun farko, ka bar ta ta yi fomat ɗin da kanta, domin ba za ta tsara shi da abin da ba ta iya karantawa ba. Abin da za ka rasa shi ne duk bidiyon da ya kai gigabait 4 ba zai koma ciki ba idan FAT32 ta zaɓa.

Filash da aka taɓa shirya shi don ɗora Windows ko Linux a kwamfuta yana iya zama ya fi haka rikici, domin akan raba shi gida-gida, wani gidan ma da tsarin da waya ba ta sani ba. Irinsa sai an shiga Disk Management an goge rabe-raben an mayar da shi gida ɗaya.

Nawa yana bayyana, ya ɓace, ya sake bayyana. Wani lokaci ana tsakiyar kwafa sai ya yanke.

Wannan alamar wuta ce, in dai ba bakin ne ke girgiza ba. Bakin USB 2.0 na kwamfuta yana ba da miliyam 500, na USB 3.0 kuma 900, amma waya ba dole ta kai haka ba, wasu ma suna rage abin da suke bayarwa idan batir ya yi ƙasa. Filash ya fi jan wuta lokacin da ake rubutu a cikinsa, shi ya sa yake buɗewa lafiya sannan ya faɗi da an fara kwafa. Caja wayar sosai, ka kashe yanayin tattalin batir, ka yi amfani da gajeriyar adafta maimakon doguwar igiya. Idan kuma abin da ka jona babban faifan ajiya ne mai juyawa, kana jin yana ƙas-ƙas bai tashi ba, zare shi. Yana bukatar mahaɗin USB mai nasa wutar daban.

Babu saƙon kuskure, fitilar filash ɗin ma tana kamawa, amma ban ga fayilolin ba.

Mai yiwuwa an riga an karɓe shi, wurin dubawa ne ka kuskure. Ba a Gallery zai fito ba. Buɗe Files, ko My Files a Samsung, ka nemi sashen USB storage, ko ka duba Storage a cikin Settings. Ka kuma buɗe makullin fuskar wayar kafin ka jona, domin wasu wayoyin ba sa karɓar sabuwar na'ura suna kulle, wayar wurin aiki kuma ana iya toshe mata USB da gangan. Idan ka gama, danna Eject ko Unmount kafin ka zare. FAT32 da exFAT ba sa jure yankewa ana tsakiyar rubutu, kuma filash da aka fizge haka yana iya dawowa gobe da saƙon Corrupted na gaske.