Menene sunan fayil, kuma me yasa zaka canza shi kafin ka ɗora hoto a shafinka?

In kaji masu haɗa shafin intanet suna cewa "gyara sunan fayil", ba rubutun da kake sawa a ƙarƙashin hoto suke nufi ba. Suna nufin sunan da hoton yake ɗauke dashi a cikin waya ko kwamfuta, wanda yake ƙarewa da .jpg ko .png. Shiga wajen da fayil-fayil ɗinka suke ka duba, zaka ga irin waɗannan:

```
IMG_20240315_142233.jpg
DSC_0457.JPG
IMG-20240315-WA0007.jpg
```

Na farko wayar Android ce ta raɗa shi, kwanan wata ne da lokaci kawai, wato 15 ga Maris 2024 ƙarfe biyu da minti 22 na rana. Na biyu kyamara ce take ƙirge ɗaya bayan ɗaya, na uku kuma ta WhatsApp ya iso. Duk cikinsu babu wanda ya faɗi abinda ke cikin hoton.

Kwanaki wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya turo min hotunan shadda da atamfa in saka masa a shafinsa, duk da irin sunan nan na WhatsApp suka zo. Nace masa Alhaji, wannan kamar ka jera dila-dila ne a sito babu rubutu a jikin ko ɗaya, duk wanda yazo neman shadda shuɗiya sai ya kwance su duka. To haka abin yake ga Google, in yana son sanin me hoto ya ƙunsa yana duba rubutun da ke kewaye dashi da bayanin da aka saka a gurbin alt, wato wajen da ake rubuta ɗan gajeren bayanin abinda ke cikin hoton, sannan yana duba sunan fayil ɗin saboda sunan yana shiga cikin adireshin hoton. In ya tarar da WA0007 bai ƙaru da komai ba. Kai ma kanka bayan wata uku in kwastoma yace turo min hoton waccan shaddar, me zaka rubuta a gurbin nema?

Ga yadda na maida ɗaya daga ciki:

```
shadda-shudiya-yadi-biyar.jpg
```

Ka lura duk ƙananan baƙaƙe ne, kuma karan tsakiya na saka tsakanin kalmomi, don Google da kansa shi yake bada shawarar amfani da - maimakon _ wajen raba kalmomi a adireshi. Ban bar fili ba, saboda fili yana komawa %20 a adireshi, sai kaga linki ya zama wani irin abu. Sannan abinda ya shafe mu Hausawa sosai shine baƙaƙen nan masu lanƙwasa. Ni ina son a rubuta Hausa daidai wallahi, amma a sunan fayil d na saka ba ɗ ba, domin misali ƙ in ta shiga adireshi tana komawa %C6%99, kuma yawancin mutanenmu ma in zasu nema a waya ba sa saka lanƙwasar. Ka bari sai a alt da rubutun shafi ka rubuta ta yadda ya kamata.

Kalma uku zuwa biyar ta isa. Kar kace zaka cusa shadda-kano-shadda-mai-arha-shadda-kwari duk a suna ɗaya, wannan ba bayani bane, kuma kowane hoto a bashi nasa, in na gefe ne ka ƙara "gefe", in na kusa ne ka ƙara "kusa".

Shi kuwa "kafin" ɗin yana da dalili. A WordPress, manhajar da ake haɗa shafi da ita, in ka riga ka ɗora hoto sannan ka canza masa Title, sunan fayil ɗin na asali yana nan bai motsa ba, danna hoton ka kwafi adireshinsa zaka gani da idonka. In kuma ka goge ka sake ɗorawa da sabon suna, duk inda aka saka tsohon adireshin hoto zai daina fitowa. Alhali tun farko aikin daƙiƙa goma ne, a Windows ka zaɓi hoton ka danna F2, a waya ka danne shi ka zaɓi Rename, kar dai ka taɓa .jpg ɗin ƙarshe.

Amma fa kar wani ya karɓi kuɗinka yace suna kaɗai zai kai ka saman Google. Alama ce ƙarama, alt da rubutun shafin sun fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Kuma in a Facebook ko Instagram kawai kake talla, su da kansu suke sauya wa hoton suna da nasu lambobin da zarar ka ɗora, don haka a can amfanin gyaran a cikin wayarka kawai zai tsaya.