Zakkar Kuɗi, Zinare da Kayan Kasuwanci

Zakkar dukiya wani kaso ne sananne da shari'ar Musulunci ta wajabta wa mai dukiya ya fitar idan dukiyar ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo mata a hannunsa. A kuɗin ajiya da zinare da azurfa da hajar kasuwa, kason shi ne rubu'in ushuri, wato ɗaya cikin arba'in, ko kashi 2.5 cikin ɗari. Bayanin da ke tafe ya bi mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Hausa, tare da nuna inda wasu mazhabobi suka saɓa mata.

Nisabi da zagayowar shekara

Nisabi shi ne mafi ƙarancin abin da zakka ke hawa kansa. Na zinare dinari 20 ne, na azurfa kuma dirhami 200. Yawancin malaman wannan zamani sun kimanta dinari 20 da giram 85 na tsantsar zinare, dirhami 200 kuma da giram 595 na azurfa. Takardar kuɗi ba ta da nisabin kanta, sai dai a auna ta da ɗayan waɗannan biyu bisa farashin ranar da zakka ta wajaba. Shi ya sa adadin nisabi da naira ko sefa ba ya zama wuri ɗaya, kuma wanda ya riƙe lissafin bara yana iya kuskurewa bana. A yau nisabin azurfa ya yi ƙasa sosai da na zinare, saboda haka wasu malamai suka zaɓi azurfa don ta fi amfanar talaka, wasu suka zaɓi zinare don darajarsa ta fi tsayawa.

Shekarar da ake nufi ta watan Musulunci ce, mai kwana kusan 354. Ba a ɗaure ta da Ramadan ko Muharram ba, ko da yake mutane da yawa sun saba fitarwa a waɗannan watanni. Kowace dukiya tana da ranarta, wato ranar da ta cika nisabi.

A nan Malikiyya sun bambanta riba da fa'ida. Ribar kasuwanci tana bin shekarar uwar kuɗi, ko da a watan ƙarshe aka same ta. Fa'ida kuwa, wato abin da ya shigo ta hanyar gado ko kyauta ko albashi, sabuwar shekara ake buɗe mata. Hanafiyya suna haɗa ta da nisabin da ke hannu a fitar gaba ɗaya. Ga ma'aikaci mai tara albashi wata-wata wannan hanya ta biyu ta fi sauƙin riƙewa, domin bin diddigin shekarar kowane albashi aiki ne mai wuya.

Zinare

Tsantsar zinaren ake lissafawa, ba nauyin kayan duka ba. Giram 100 na zinare mai karat 21 yana ɗauke da giram 87.5 na tsantsa, ya kai nisabi. Giram 100 mai karat 18 kuwa giram 75 ne kawai, bai kai ba, sai idan an haɗa shi da azurfa ko kuɗin da mai shi ya ajiye, domin a Malikiyya ana cika nisabin ɗaya da ɗaya.

Sarƙa da 'yan kunne da awarwaro da mace ta mallaka don kwalliya ba su da zakka a wurin Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya. Hanafiyya sun wajabta a kansu. Amma wannan rangwame na ado ne kawai. Matar da ta sayi gwal don ta adana dukiyarta, ta sayar ranar da buƙata ta taso, zinarenta ya zama ajiya, kuma zakka na kansa duk shekara.

Kayan kasuwanci

Malikiyya sun kasa 'yan kasuwa gida biyu. Mudiri shi ne mai juya haja kullum, ya saya ya sayar da farashin da kasuwa ta ba shi, kamar mai kanti ko mai sayar da atamfa. Muhtakiri shi ne wanda ya sayi kaya ya ajiye yana jiran su yi tsada, kamar mai kimshe hatsi ko mai sayen fili don ya sayar daga baya. Mudiri yana yi wa hajarsa kima duk shekara. Muhtakiri ba ya fitar da komai sai ranar da ya sayar, sannan ya ba da zakkar shekara ɗaya tak ko da kayan sun yi shekaru a ajiye. Sauran mazhabobi uku ba su yi wannan rabe-rabe ba, kowa kima yake yi duk shekara.

Ga misali da adadin da aka ƙaddara don bayani kawai. A ce giram ɗin zinare naira 100,000 ne, nisabi ya zama miliyan 8.5. Wani mai shagon yadi a Kantin Kwari ya ƙirga hajarsa ranar da shekararsa ta cika, ya yi mata kuɗi da farashin kasuwa na ranar, ba farashin da ya saro ta ba, ta kama miliyan 14. Yana da miliyan 3 a banki da aljihun tebur. Yana bin abokan ciniki miliyan 2 da lokacin biyansu ya yi kuma yake sa ran za su biya, wannan ma ya shiga lissafi. Akwai wata miliyan 1 a hannun wanda ya karye, ita ba ta shiga sai ranar da aka karɓo ta. Jimilla miliyan 19. Dilansa yana binsa miliyan 4, ya cire, saura miliyan 15. Ya raba gida arba'in, zakkarsa ta zama naira 375,000. Shagon kansa da katakon jera kaya da janareta da motar dako ba su shiga, domin ba don sayarwa aka ajiye su ba.

Cire bashi yana da ƙaidi da ake yawan mantawa. A Malikiyya idan mutum yana da wata kadara da ta wuce buƙatarsa, wadda za a iya sayarwa a biya bashin, to a kanta ake ɗora bashin, a fitar da zakkar kuɗin cif.

Masu karɓa

Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance su zuwa takwas: fakirai, miskinai, ma'aikatan zakka, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, waɗanda bashi ya yi wa katutu, tafarkin Allah, da matafiyin da guzurinsa ya yanke. A Malikiyya fakiri shi ne mai ɗan abin da ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa bai mallaki komai ba. Shafi'iyya sun juya ma'anar. Ba dole ba ne a game duka takwas ɗin, ana iya ba mutum ɗaya idan shi ya fi buƙata. Mai bashi ana ba shi idan ba wajen ɓarna ya ciwo shi ba, matafiyi kuma ana ba shi abin da zai kai shi gida ko da mawadaci ne a garinsu, matuƙar bai sami mai ranta masa ba.

Ba a ba wanda ciyar da shi ya wajaba a kan mai zakka, kamar matarsa da ƙananan 'ya'yansa da iyayensa matalauta. Ƙane ko ƙanwa ko gwaggo mabuƙata kuwa ana ba su. Ba a ba mawadaci, ba a ba Banu Hashim, wato dangin Manzon Allah, kuma jumhurun malamai ba su yarda a gina masallaci ko a haƙa rijiya da ita ba. Wanda yake bin talaka bashi ba zai yafe masa ya ce ya fitar da zakka ba. Niyya sharaɗi ce lokacin cirewa ko bayarwa, kuma ana rabawa a garin da dukiyar take, sai idan wani wuri ya fi tsananin buƙata. A jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara akwai hukumomin gwamnati da ke karɓa su raba, mai dukiya yana iya miƙa musu, da yawa kuma da hannunsu suke rabawa.