Sharaɗin gaske da burin mai ɗaukar aiki: yadda ake bambanta su a tallar aiki

Na gama HND a fannin lissafin kuɗi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, na kuma yi hidimar ƙasa. Wani kamfanin sarrafa shinkafa yana neman mataimakin akanta, ga tallar nan na turo, amma ya jero sharuɗɗa tara, ni kuwa biyar kawai na cika. In nema ko in haƙura?

Ka nema, ɗan'uwa, domin ba ƙidayar sharuɗɗa ake yi ba, auna nauyinsu ake yi. Na duba tallar, kuma abin da nake so ka fara yi shi ne ka bar jerin sharuɗɗan tukuna, ka hau sama zuwa inda aka bayyana ayyukan da za a riƙa yi kullum. Wannan ɓangaren yawanci daga bakin shugaban sashen da ke buƙatar ma'aikaci yake fitowa, wato mutumin da ya san inda aiki ya yi masa yawa, alhali jerin sharuɗɗa sau da yawa kwafo shi ake yi daga tsohuwar talla, kowa ya ƙara abin da yake sha'awa.

Ayyuka huɗu aka lissafa: shigar da shinkafa shanshera da aka saya kowace rana, daidaita takardun sikeli da kuɗin da aka biya dillalai, daidaita littafin kamfani da takardar banki a ƙarshen wata, da shirya jadawalin albashi. To sai ka ɗauki kowane sharaɗi ka tambayi kanka: in na shiga ofis ranar Litinin ta farko ba ni da wannan, wanne ne cikin ayyukan nan huɗu zai tsaya? Excel ya zama dole, domin duka huɗun a kansa za su hau, kuma wanda bai iya haɗa jimla ko tace layuka ba, za a gane shi tun ranar da tireloli suka yi layi a bakin sikeli. Takardar HND da ta hidimar ƙasa su ma dole ne, saboda da su mai tantancewa yake fara rage tarin takardu. Lasin tuƙi kuwa babu inda ya taɓa ko ɗaya cikin ayyukan, wani ne kawai ya yi tunanin zai yi kyau a samu wanda za a iya aika banki da mota.

Kalmomin Turancin da ke cikin tallar fa, suna nuna wani abu?

Suna nunawa. Inda ka ga *must have*, *required*, *essential* ko *minimum of*, mai tallar yana cewa wannan ba ya ɗaguwa. Inda ka ga *preferred*, *desirable* ko *added advantage*, ya riga ya gaya maka da bakinsa cewa zai ɗauki wanda ba shi da abin. A tallarka, manhajar lissafin kuɗi ta QuickBooks da shaidar ICAN, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, duk a ƙarƙashin *added advantage* suka zo, saboda haka biyu cikin huɗun da suka tayar maka da hankali ba sharuɗɗa ba ne tun asali.

Sai dai kalmar kaɗai ba ta isa hujja ba, domin akwai masu rubuta *must* a kan komai. A irin wannan hali sai ka dubi matsayin aikin da kansa. Wanda ya kammala jarrabawar ICAN ya zama ƙwararren akanta ba kasafai yake neman kujerar mataimaki ba, kuma kamfanin ya san haka. Idan sharaɗi ya fi ƙarfin kujerar da albashinta, buri ne, ko da an rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Babbar damuwata ita ce shekara uku na ƙwarewa da aka nema.

Nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi sosai, domin yawancin matasanmu suna rage wa kansu abin da suka riga suka mallaka. Duk wanda ya bi hanyar kwalejin kimiyya da fasaha ya san cewa tsakanin ND da HND akwai shekara guda ta koyon aiki. Idan ka yi ta a sashen kuɗi, ita ma ƙwarewa ce. Idan kuma a hidimar ƙasa an tura ka ofishin da ake shirya baucan biya ko jadawalin albashi, ka samu shekara ta biyu. Ko littafin shagon hatsi na kawunka ka riƙe a kasuwa, kana rubuta buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ake bi bashi, wannan ya fi kusa da aikin da kamfanin yake nema fiye da yadda kake zato.

Adadin shekaru da ake rubutawa ƙiyasi ne na tsawon lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya iya aikin ba tare da an tsaya a kansa ba. Abin da kamfanin yake tsoro shi ne ya ɗauki wanda a ƙarshen wata zai ga bambanci tsakanin littafi da takardar banki ya rasa ta inda zai fara nema. Saboda haka a takardar neman aikinka kada ka tsaya ga cewa kana da ƙwarewa, ka rubuta abin da hannunka ya yi: ka shirya albashin ma'aikata kaza duk wata, ka gano cajin banki da ba a shigar a littafi ba, ka bi sawun cakin da aka rubuta ba a kai ga karɓarsa ba. Mai shekara biyu da ya nuna haka yana da damar a kira shi ganawa. Amma da shekara takwas aka nema kai kana da biyu, da na ce ka haƙura, domin wannan tazara tana nuna ana neman wanda zai shugabanci wasu ne. Kuma kada ka ƙara ko wata ɗaya da ba ka yi ba, tambaya biyu a wurin ganawa sun isa su tona mutum.

Akwai sharuɗɗan da ba a taɓa sassautawa?

Akwai, kuma galibi su ne waɗanda ba mai tallar ne ya ƙirƙiro su ba. Asibiti ba shi da ikon ɗaukar ma'aikaciyar jinya da ba ta da lasin hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, komai iyawarta, domin doka ce ta ɗora wannan. Haka nan a aikin gwamnati, na tarayya ko na jiha, iyakar shekarun haihuwa, takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, duk ana bin su yadda aka rubuta. Bankuna da manyan kamfanoni masu ɗaukar waɗanda ba su daɗe da gama karatu ba aiki su ma sukan saka matakin sakamako, kamar *Upper Credit* ga mai HND, a cikin fom ɗin intanet, kuma wanda bai kai ba fom ɗin na iya tsayar da shi kafin wani mutum ya ga sunansa. A nan ba na ba ka shawarar ɓata kuɗin data da na hoto.

To me zan ce game da abubuwan da ba ni da su?

Lasin tuƙi ba sai ka ambace shi ba. QuickBooks kuwa, layi ɗaya ya isa: ka ce ka iya Excel sosai kuma ka fara koyon manhajar, muddin da gaske ka fara. Sauran wasiƙar ka ba ta ga ayyukan nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kana amfani da kalmomin da tallar ta yi amfani da su, domin mai tantancewa da tarin takardu a gabansa su idonsa yake nema. Idan aka kira ka ganawa, ka tambayi wace manhaja ake aiki da ita a sashen a halin yanzu, da kuma wanne cikin ayyukan ne ya fi cin lokaci idan kaka ta yi, shanshera tana shigowa daga fadamun Argungu da Suru.