Rubutun Shiri Mai Gida Biyu

Rubutun shiri mai gida biyu tsari ne na rubuta shirin bidiyo wanda ake raba takarda biyu daga sama har ƙasa, a sa abin da ido zai gani a gidan hagu, a sa abin da kunne zai ji a gidan dama. An fi amfani da shi a finafinan koyar da aiki, da finafinan labarin gaskiya waɗanda ake kira dokumentari, da tallace-tallace, da rahotannin talabijin. Kowane layi da ya ratsa gidajen biyu yana wakiltar lokaci guda, wato hoton da ke hagu da sautin da ke daura da shi a dama tare za su fito wa mai kallo.

Asali

Tsarin sikirif da aka saba da shi a finafinan wasan kwaikwayo ya girmi wannan. Ya samo tushe a masana'antar fim ta Amurka a wajajen shekarun 1910, kuma ana yawan danganta bunƙasarsa da furodusa Thomas Ince, wanda ya nace kan a rubuta komai dalla-dalla kafin a fara ɗauka. Daga baya tsarin ya daidaita a kan siffar da aka sani yau: kan fitowa, bayanin abin da ke faruwa, sunan mai magana a tsakiya, sannan maganarsa a ƙasa, duka da haruffan Courier masu girman 12, inda ake ƙiyasta cewa shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya.

Shi kuwa mai gida biyu, galibi ana ganin ya yaɗu ne tare da talabijin a tsakanin shekarun 1940 da 1950. Rubutun rediyo sauti kaɗai yake ɗauke da shi, to da hoto ya shigo, kuma ana watsa shirye-shirye da yawa kai tsaye, sai darakta ya buƙaci takardar da zai duba sau ɗaya ya ga kalmar da ake faɗa da kyamarar da za a juya gare ta a daidai wannan kalma. Ajiye umarnin kyamara a gefen magana shi ya biya wannan buƙata. Masu tallace-tallace da masu finafinan ilimantarwa su ma suna amfani da tsarin, kuma bai sauya sosai ba har zuwa yau.

Yadda ake cika shi

A gidan hagu ana rubuta lambar hoto, da nisan kyamara, da duk rubutun da zai bayyana a fuskar allo. Akwai gajerun alamomi da ake bugawa yadda suke: WS na hoto daga nesa, MS na matsakaici, CU na kusa, GFX na zane ko rubutu. A gidan dama kuma VO na nufin muryar mai bayani da ba a ganinsa, SOT muryar wanda aka ɗauka yana magana, SFX ƙarin sauti. Wasu na ƙara siririn gida na uku don adadin daƙiƙoƙi. Tebur mai gida biyu a Word ya isa aikin.

Misali shi ne shirin da ke koya wa ma'aikatan lafiya yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na cikin leda, wanda ake narkar da leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta:

```
4. CU: ana cika mazubi   | VO: A auna ruwa mai tsabta
   har zanen lita ɗaya   | lita ɗaya cif.
5. CU: ana zazzage ledar | VO: A zuba garin duka.
6. GFX: AWA 24           | VO: Abin da ya rage bayan
                         | awa 24, a zubar da shi.
```

Maganar layi na 4 kalmomi takwas ce, ba ta wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu a baki, amma cika mazubin lita ɗaya a gaban kyamara yana iya cin daƙiƙa goma. Tun a kan takarda marubuci zai ga wannan giɓi, sai ya zaɓa: ko ya bar ƙarar zubar ruwa ta cike wurin, ko ya yanke hoton ya nuna ƙarshen cikawa kawai, inda ruwa yake taɓa zanen. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya bari maganar layi na 5 ta shigo alhali ana kan zuba ruwa, domin mai koyo zai ji ana cewa a zuba gari yana kallon wani abu daban, kuma a shirin koyarwa wannan kuskure ne da zai iya bin ma'aikaci har wurin aikinsa.

Ana auna lokaci da yawan kalmomi, ba da yawan shafuka ba. A Turanci ana ɗaukar kusan kalmomi 150 a minti ga mai bayani. Idan za a ɗora muryar Hausa a kan shirin da aka tsara da wani harshe, abin dogaro shi ne a karanta kowane layi da ƙarfi ana duba agogo, saboda jimla ɗaya ba ta cin lokaci iri ɗaya a harsuna biyu. Alamar rubutun da ya ɓaci a bayyane take: gidan dama ya cika maƙil da magana, na hagu kuma hoto ɗaya tak ke tsaye a gabansa.

Inda ya fi tsarin sikirif

Ya fi shi a duk inda sauti da hoto ba daga wuri ɗaya suka fito ba. A dokumentari, manomi yana iya fara magana ana ganin fuskarsa, sannan muryarsa ta ci gaba alhali ana nuna gonarsa da aka ɗauka wata rana daban. Tsarin sikirif yana jera abubuwa ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, don haka ba shi da sauƙin nuna a kan wace kalma hoto ya sauya. Bugu da ƙari, dokumentari sau da yawa bayan ɗauka ake rubuta shi: a kwafe hirarrakin, a zaɓi gaɓoɓin da ake so, a rubuta lambar lokacin kowace, kamar 00:14:32:10, wato awa, minti, daƙiƙa da firam, sannan a miƙa wa edita ya bi layi-layi. A shirin koyarwa akwai wani amfanin kuma, shi ne likita ko injiniyan da zai tantance shirin bai buƙatar sanin harkar fim, domin zai duba kowane layi ya tabbatar hoton ya dace da bayanin.

Inda bai dace ba

Ga fim mai labari da 'yan wasa, kamar na Kannywood, tsarin sikirif ya fi, domin hira mai tsawo tana matsewa a rabin takarda, kuma ƙayyade kowane hoto tun farko yana ɗaure hannun darakta. Akwai saɓani kan shirin koyarwa mai ɗauke da ɗan wasan kwaikwayo a cikinsa: wasu na rubuta shi duka a gida biyu, wasu na rubuta fitowar wasan da tsarin sikirif su bar sauran a gida biyu.