Bitirut da hawan jini: amsoshin tambayoyin da kuka ƙi daina yi min

Wai da gaske ne bitirut yana buɗe jijiyoyin jini?

Da gaske ne, amma kaɗan, kuma na ƴan awanni. Wannan karo na nawa ke nan ina faɗa.

Jan da yake da shi ne yake aikin ko? Tunda kalar jini ce.

A'a. Jan launi ne kawai, shi ya sa wasu in sun sha fitsarinsu ke yin ja su taso hankali a tashe, ba jini ba ne Hajiya, kwantar da hankalinki, zai wuce. Abin da ke aikin wani gishiri ne mara launi da ake kira naitiret, NO3, wanda shukar ke zuƙowa daga ƙasa ta tara. Latas ma yana da shi, alayyahu ma haka, kuma su kore ne shar.

To ta yaya abin da na sha zai je ya taɓa jijiya?

Nan ne nake so ku nutsu, don duk sauran amsoshin a nan suka rataya. Naitiret shi kansa ba ya yi wa jijiya komai. Ka sha, ya sauka ciki, ƙaramin hanji ya tsotse kusan dukkansa zuwa jini, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya cika jinin. Mafi yawansa ƙoda ce za ta tace a fitsarar, asara ke nan. Amma kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ƙulluwan da ke yin yawu ne ke kamo shi daga jini su tattara shi su dawo da shi baki, har yawansa a yawu ya ninka na jini sau goma ko fiye.

To a bakin kuma, can bayan harshe cikin tsage-tsagen nan, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune, ba masu cuta ba, su ne ke cire wa naitiret oksijin guda ɗaya ya koma naitirait, NO2. Jikin ɗan Adam bai iya wannan aikin da kansa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, su muka dogara da su. Sai ka haɗiye yawun. A ciki ya tarar da ruwan tsami, wani ɓangare ya koma iskar naitirik okusaid, NO, nan take, wani ɓangaren kuma ya shiga jini a matsayinsa na naitirait yana yawo, sai ya iso inda oksijin ya yi ƙaranci, kamar tsokar da ke aiki tuƙuru, a can himogulobin, sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, da ya riga ya sauke oksijin ɗinsa da wasu sinadaran jiki suke mayar da shi NO.

Shi NO ɗin ƙaramin abu ne ƙwarai, ratsa bangon jijiya yake ya shiga siririyar tsokar da ta naɗe ta kamar zobe, ya kunna wani sinadari da ke ƙera wani kuma da ake kira cGMP, shi kuma cGMP ya sa kalsiyom ɗin cikin tsokar ya ragu. Tsoka ba ta damƙewa sai da kalsiyom, in ya ragu sai ta saki, jijiya ta ƙara faɗi, jini ya wuce ba turereniya, awon hawan jini ya sauka. Gano cewa NO ne ke wannan aikin a jijiya shi ya ba masana kimiyya Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998.

Ashe jiki ba ya yin NO da kansa sai an sha bitirut?

Yana yi mana, tun kafin ka san bitirut. Fatar cikin jijiya tana ƙera shi kullum daga wani sinadari mai suna ajinin, sai dai wannan hanyar tana buƙatar oksijin, kuma tana rauni da tsufa da ciwon suga da shan taba. Ta bitirut hanya ce ta biyu, taimako.

Na sha yanzu-yanzu na auna ban ga canji ba.

Minti goma fa. Ka karanta ta sama kuwa? Sai ya je hanji ya shiga jini ya dawo baki ka sake haɗiyewa, awa biyu da rabi zuwa uku ne yake kai ƙololuwa.

Malam ni ina da hawan jini, ina shan amlodifin kullum, awona yana kai 150/95 duk da haka. Ina kuma kurkure baki da maganin kurkura safe da dare saboda dasashina. In fara shan bitirut ɗin? Nawa zan sha, kuma zan iya ajiye ƙwayar?

Alhaji bari in fara da ta ƙarshen don kar ka karanta rabi ka tafi: kar ka ajiye ƙwayar. Yanzu sauran.

Maganin kurkurar nan shi ya fi damuna a maganarka. In irin mai kashe ƙwayoyin cuta ne, musamman mai kulohezidin wanda likitocin haƙori ke bayarwa, to ƙwayoyin bayan harshen da na ce su ke juya naitiret, shi ma su yake kashewa, bai san na kirki da na banza ba. A jami'ar Queen Mary da ke Landan, ƙungiyar Farfesa Amrita Ahluwalia ta sa mutane masu lafiya kurkura da shi sau biyu a rana na kwana bakwai, naitirait ɗin jininsu ya ragu, awonsu ya hau da maki 2 zuwa 3 da ɗoriya, alhali ba abin da aka canza musu a abinci. Su ɗin dai a 2008 sun ba mutane rabin lita na ruwan bitirut, awo ya sauka da kusan maki 10 bayan wajen awa uku, amma da aka ce su riƙa tofar da yawu kar su haɗiye, saukar ba ta zo ba sam. Ka ga ke nan in kana kurkura safe da dare, kana iya shan bitirut na dubban nairori rabin aikin ko fiye ya tafi a banza. Amma fa ban ce ka jefar da kwalbar ba, in likitan haƙori ne ya rubuta maka saboda ciwon dasashi to akwai dalili, yawanci na ɗan lokaci ake bayarwa, ka koma ka tambaye shi har yaushe. In kuwa kai ka saya wa kanka don ƙamshin baki ka mayar da shi al'ada, buroshi da man goge baki ko asuwaki sun ishe ka.

Batun yawa kuma. A gwajin da suka wallafa a 2015, masu hawan jini ne suka sha mililita 250 kullum na sati huɗu, wato rabin ledar fiya wata, mai ɗauke da naitiret wajen miligiram 400. Awo ya sauka da kamar maki 8 a sama, 4 a ƙasa, kuma da suka daina sha cikin sati biyu ya koma kusan inda yake. In aka haɗa gwaje-gwaje da yawa, matsakaicin bai ma kai haka ba, maki 4 zuwa 5 ne a sama, wasu mutanen kuma ba sa ganin komai. To yi lissafi da naka: 150/95, ko da ka dace da sakamako mai kyau ka cire 8 da 4, ka dawo 142/91. Har yanzu kana sama da 140/90. Wannan kuma tare da amlodifin ɗin ne, ina ga ka ajiye shi? Maganar gaskiya awonka yana cewa ka koma asibiti a duba ko za a ƙara ƙarfin maganin ko a haɗa maka da wani, bitirut ɗin ƙari ne a gefe.

Sannan ruwan da aka yi gwaji da shi an auna naitiret ɗinsa, naka na kasuwa ba wanda ya auna. Wanda aka kawo daga Jos yau da wanda za a kawo wata mai zuwa suna iya bambanta ninki-ninki, ya danganta da taki da ƙasa da hasken rana. Don haka injin awonka ne alƙali. Ka yi sati guda kana awo ba ka sha ba, ƙarfe goma na safe, a zaune, bayan ka huta minti biyar, sau biyu kana rubutawa. Sati biyu na gaba ka sha ruwan bitirut cikin rabin ledar nan ƙarfe bakwai ka auna ƙarfe goma, hannu ɗaya, inji ɗaya. Ka kwatanta matsakaicin sati da sati, kar ka kwatanta Talata da Laraba, don awo yana tsalle da maki goma saboda rashin barci ko faɗa da mai gyaran mota. In ka ga jiri yana ɗibarka in ka miƙe tsaye, dakata ka gaya wa likitanka.

Kuma kafin ka fara, in ka taɓa yin tsakuwar ƙoda, bitirut yana da sinadarin ogzalet mai yawa, wanda shi ke haɗa mafi yawan tsakuwar. In ƙodarka ta yi rauni, akwai fotashiyam a ciki da zai iya taruwa. In kana da suga, ruwansa yana da zaƙi, ka lissafa shi cikin abincinka. In kana shan maganin olsa irin su omefirazol, yana rage tsamin ciki, kuma akwai alamar hakan na rage amfanin da za ka samu. Waɗannan duk a gaban likitanka za ka zazzage su, ni ban ga katinka ba.

Dafawa ko markaɗawa?

Markaɗa ɗanye. Naitiret yana narkewa a ruwa, in kin tafasa kin zubar da ruwan kin zubar da wani kaso nasa. In dole sai kin dafa, ki turara ko ki yi amfani da ruwan.

Zan iya haɗa na sati guda in ajiye?

Da wace wutar? In firij ya mutu ruwan ya yi ɗumi, bakteriya za su fara aiki a cikin robar tun kafin ya kai bakinki, ga lalacewa. Ki yi na yau ki sha yau.

Jaririna fa, in ɗan ɗiga masa don ƙarin jini?

Don Allah kar ki yi. Ɗan ƙasa da wata shida nono kawai, kuma jikinsa bai iya da naitirait ba, yana ɓata masa himogulobin ya kasa ɗaukar oksijin, sai ki ga leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi. Sannan maganar ƙarin jinin ma, sinadarin ƙarfen da ke cikin bitirut bai taka kara ya karya ba, hanta da wake sun fi shi nesa ba kusa ba.

An ce bitirut yana aiki kamar maganin ƙarfin maza.

Na san dama nan za a zo. Hanyar dai ɗaya ce, ƙwayar can tana hana cGMP saurin rushewa, bitirut kuma yana ƙara NO ɗin da ke sa a ƙera shi, amma ƙarfinsu ba a haɗa su, masu tallar kwalabe ne ke zuzutawa. Tunda kun taɓo ta ma ku ji wacce ta fi muhimmanci: mai shan maganin ciwon zuciya irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, ko aisosobaid, kar ya kuskura ya haɗa da ƙwayar maza, awo na iya faɗuwa warwas.

Da azumi fa? Ni ina yawan tofar da yawu.

In ka sha da sahur ka wuni kana tofarwa, naitirait ɗin ne kake zubarwa a ƙasa, kuma bakin mai azumi dama a bushe yake. Ka sha bayan buɗa-baki, lokacin yawu ya dawo.