Waiwaye: yadda aka gano cewa aikin ƙarfi na iya dogara da hanyar da aka bi

Ɗalibin kimiyya yana fara sanin aiki ne a matsayin ƙarfi sau tazara. Wannan ya wadatar muddin ƙarfin ba ya canzawa kuma hanyar miƙaƙƙiya ce. Da zarar ƙarfin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, hanya kuma ta lanƙwashe, dole a yanka hanyar gunduwa-gunduwa, a ɗauki ɓangaren ƙarfin da ya kwanta a kan kowace gunduwa, a ninka da tsawonta, a tara duka. Wannan tarawar ce integiral na kan hanya. Idan ƙarfin yana da ɓangare `P` ta gefen `x` da `Q` ta gefen `y`, ana rubuta shi `W = ∫ P dx + Q dy`. Daga nan tambaya take tasowa: mutum biyu sun tashi daga wuri ɗaya sun isa wuri ɗaya ta hanyoyi daban-daban, shin amsarsu ɗaya ce?

Abin mamaki, gwajin da ke amsa wannan tambaya ya girmi ma'anar aikin kanta da fiye da shekara 80. Alexis Clairaut, Bafaranshen da ya je Lapland a 1736 tare da Maupertuis don auna siffar duniya, shi ne ya fito da shi fili a 1743. Damuwarsa ba injina ba ce. Yana neman siffar da dunƙulen ruwa mai juyawa zai ɗauka idan ya natsu. Sai ya ƙaddara siririyar magudana a cikin ruwan, wadda ta zagaya ta komo inda ta faro. Idan jimlar turin da ƙarfi ke yi a kewayen magudanar ba sifiri ba ce, ruwan zai dinga gudana har abada, natsuwa ba za ta samu ba. Don haka dole jimlar tsakanin wurare biyu ta zama ɗaya ko ta wace magudana aka bi, kuma sharaɗin da ya samo shi ne `∂Q/∂x = ∂P/∂y`. Wato saurin canjin `Q` idan aka matsa ta gefen `x` ya yi daidai da saurin canjin `P` idan aka matsa ta gefen `y`.

A ga yadda abin yake da lambobi. A ɗauki ƙarfi `P = y`, `Q = 2x`, a ma'aunin nuton, ana kai abu daga `(0,0)` zuwa `(2,1)` a ma'aunin mita. Hanya ta farko a bi gefen `x` tukuna. A nan `y` sifiri ce, saboda haka `P` bai yi komai ba. Sai a hau mita 1 a inda `x = 2`, `Q` yana 4, aiki ya zama jul 4. Hanya ta biyu a fara hawa a inda `x = 0`, ba aiki, sannan a tafi mita 2 a inda `y = 1`, `P` yana 1, aiki jul 2. Miƙaƙƙen layi kuwa, da `x = 2t` da `y = t`, yana ba da `∫ 6t dt` daga 0 zuwa 1, wato jul 3. Hanya uku, amsa uku. Gwajin Clairaut ya riga ya faɗi haka ba tare da wannan wahala ba, domin `∂Q/∂x` 2 ne, `∂P/∂y` kuma 1. Da a ce `Q = x` ne, duka hanyoyin jul 2 za su bayar, domin a lokacin `P dx + Q dy` canjin `xy` ne kawai, kuma `xy` a ƙarshen tafiya 2 ne.

Irin wannan adadi guda kamar `xy`, wanda ake ciro ƙarfin gaba ɗaya daga gare shi, Lagrange ya yi amfani da shi a 1773 wajen lissafin jan da taurari ke yi wa juna. George Green na Nottingham, ɗan mai injin niƙa wanda ya koyar da kansa lissafi, ya faɗaɗa shi zuwa lantarki da maganaɗisu a 1828. Sai a 1829 Coriolis ya kafa aiki a matsayin tarin ƙarfi a kan tazara, domin injiniyoyi su iya auna abin da inji ke bayarwa.

Akwai wani abu a misalinmu da ya cancanci a tsaya a kansa. Bambancin hanya ta farko da ta biyu jul 2 ne. Filin da hanyoyin biyu suka kewaye faɗinsa murabba'in mita 2 ne, kuma `∂Q/∂x − ∂P/∂y` ya kasance 1 a ko'ina. Ɗaya sau biyu, biyu. Ba dace ba ne. Aikin zagaye ɗaya daidai yake da jimlar wannan bambanci a kan duk filin da ke ciki. Ƙa'idar tana ɗauke da sunan Green, ko da yake Cauchy ne ya bayyana ta a wannan siga a 1846, Riemann ya kawo hujjarta a 1851. Sigarta ta sarari mai ɓangare uku ta fito a wasiƙar William Thomson zuwa ga Stokes a 1850, Stokes kuma ya sa ta a jarrabawar Cambridge ta 1854, wadda Maxwell ya zauna. A yau sharaɗin a can ana rubuta shi `curl F = 0`, inda `F` shi ne ƙarfin, `curl` kuma ma'aunin juyawarsa a kowane wuri.

To amma gwajin yana da tarko, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Tun 1768 d'Alembert ya nuna cewa maganar Clairaut ba ta cika ba, da misali irin wannan:

```
P = −y/(x² + y²)
Q =  x/(x² + y²)
```

Idan aka yi gwajin, ɓangarorin biyu duka suna ba da `(y² − x²)/(x² + y²)²`. Gwaji ya ci. Yanzu a tashi daga `(1,0)` zuwa `(−1,0)` a kan da'ira mai nisan mita 1 daga tsakiya. A kanta girman ƙarfin 1 ne kuma yana kwance a kan da'irar. Ta sama ana tafiya tare da shi tsawon `π`, aiki `π`. Ta ƙasa ana tafiya yana turowa baya, aiki `−π`. Zagaye cikakke `2π`, ba sifiri ba. Dalili shi ne a `(0,0)` ƙarfin ba shi da ƙima, domin an raba da sifiri. Ƙa'idar Green tana buƙatar duk filin da ke cikin zagayen ya zama lafiyayye, nan kuwa akwai rami a tsakiya. Duk zagayen da bai kewaye ramin ba aikinsa sifiri ne, wanda ya kewaye shi sau biyu `4π`.

Wannan ya yi kama da wasan masu lissafi, amma ba haka ba ne. A 1820 Ørsted ya ga allurar kamfas ta karkata kusa da wayar da ke ɗauke da lantarki, Biot da Savart suka auna suka tarar ƙarfin yana kewaya wayar, yana raguwa daidai da nisa. Siffar misalin d'Alembert ce sak, ramin kuma wayar ce. A 1821 Faraday ya sa kan maganaɗisu ya dinga zagaya wayar ba tsayawa, batir yana biyan kuɗin kowane zagaye.

Shi ya sa mai bincike a yau ba ya tsayawa a mataki ɗaya. Idan `∂Q/∂x` da `∂P/∂y` sun saɓa ko a wuri ɗaya, magana ta ƙare, aiki ya dogara da hanya. Idan sun daidaita, sai ya duba inda ƙarfin ya lalace, ya yi zagaye ɗaya a kan kowane rami ya ga abin da zai fito. Rami ba lallai ya ɓata ba: ƙarfin `(x, y)/(x² + y²)` shi ma ya lalace a tsakiya, amma waje yake turawa, a gicciye da da'irar, zagayensa sifiri ne. Gogayya kuwa ba ta shiga wannan gwaji sam, domin alƙiblarta tana bin motsin abu ne, ba wurin da yake ba, saboda haka babu `P` da `Q` na wuri da za a gwada.