Kol imel da jimlarsa ta farko: bambancin bincike da bambaɗanci

Matasan da ke neman kwastomomi ta intanet suna yawan cewa "na tura masa kol imel". Kalmar daga Turanci ta zo, kuma abin da take nufi shi ne wasiƙar imel da kake aika wa mutumin da bai san ka ba, bai neme ka ba, ba kuma wanda ya haɗa ku, kana so ya sayi kayanka ko ya ba ka aiki. "Kol" a Turanci sanyi ne, kuma sanyin da ke cikin sunan na rashin sanayya ne. Kamar dai ka yi sallama a ƙofar gidan da ba a taɓa ganin fuskarka ba.

A irin wannan wasiƙa, jimlar da ta biyo bayan sallama ita ce ke ɗauke da nauyi, kuma dalilin a wayar mai karɓa yake. Idan saƙo ya shigo Gmail, abu uku ake gani kafin a buɗe: sunan mai aikowa, kan saƙon, sai 'yan kalmomin farko a layi guda. Da waɗannan kalmomi mutum yake yanke shawarar ko ya buɗe ko ya wuce. In layin ya ƙare a "fatan an tashi lafiya, ya iyali, ya kasuwa", to bai ga komai ba tukuna.

Ƙanena yana haɗa sola a nan Katsina, kuma a wurinsa na ga yadda abin yake. Ya tattara adireshin imel na ƙananan asibitoci da ɗakunan gwajin jini, ya aika wa kowa saƙo ɗaya. Ga yadda ya buɗe: "Ranka ya daɗe, mun daɗe muna ganin irin gagarumar gudunmawar da cibiyarku mai albarka ke bayarwa wajen kula da lafiyar al'ummar jihar Katsina." Shiru, kamar an shuka dusa.

Ba ƙarya ya yi ba, wataƙila suna ba da gudunmawar. Matsalar ita ce wannan magana bambaɗanci ce, kuma Bakatsine ya san bambaɗanci tun daga nesa. Wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure ya ji yadda maroƙi ke zuba wa kowane mai babbar riga kirari iri ɗaya, suna kawai yake canjawa, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya: miƙo hannu. Likitan da ya karanta "cibiyarku mai albarka" ya riga ya san jimla ta biyu roƙo ce. Gwajin da na ba ƙanena mai sauƙi ne. Na ce ya cire sunan wannan asibiti ya sa na maƙwabcinsa. In jimlar ta zauna daram ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya ba, to ba ta san mutumin ba.

Jimlar da ta fito daga bincike ba ta jure wannan gwaji, domin tana ɗauke da abin da ya shafi wannan kasuwanci shi kaɗai. Sai muka zauna muka ɗauki ɗakin gwaji guda ɗaya a wajen Ƙofar Ƙaura. Ya shiga shafinsu na Facebook, bai tsaya kan hotunan gini ba, ya gangara yana karanta sanarwoyi da abin da mutane ke rubutawa a ƙasa. Cikin kamar kwata na awa ya ci karo da wata sanarwa ta makon da ya gabata: suna dakatar da hoton ciki daga ƙarfe 2 zuwa 4 na rana don janareta ya huta. A ƙasa wata mata ta rubuta cewa ta taso tun daga Jibiya, ta tarar an tsaya, ta koma ba a yi mata ba.

Ga jimlar da ya rubuta: "Dakta, na ga sanarwarku ta ranar Litinin a Facebook cewa kuna tsayar da hoton ciki daga 2 zuwa 4 don janareta ya huta."

Babu yabo ko ɗaya a ciki. Akwai abin da ya gani, akwai inda ya gan shi, akwai ranar. Faɗin inda aka gani yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin yana kawar da tambayar da ke fara zuwa zuciyar mai karatu, wato wa ya gaya wa wannan. Abu mafi muhimmanci kuma, abin da ya zaɓa yana da alaƙa da sana'arsa. Da ya ce ya ga sun yi sabon fenti, shi ma bincike ne, amma fenti bai kai ga sola ba, sai ya yi tsalle kafin ya iso ga maganarsa. Hutun janareta kuwa da kansa yake buɗe ƙofar jimla ta biyu, inda ya tambaya ko na'urar hoton ita kaɗai ce ke buƙatar wuta a waɗannan awanni biyu ko har da firjin ajiye magungunan gwaji. Washegari aka amsa masa da layi ɗaya, aka ce ya zo ya duba.

Inda ake tuntuɓe ya fi yawa a tsohon labari. Kafin wannan, ya taɓa taya wani asibiti murnar buɗe sabon reshe, ashe hoton ya shekara biyu kuma reshen ma an rufe shi. Wannan ya fi bambaɗanci muni, don ya nuna an leƙa ne kawai aka kwaso. Saboda haka a duba kwanan watan kowace sanarwa, abin da ya wuce wata biyu ko uku kuma a tabbatar da shi ta wata hanya, ko da tsayawa ne a gaban shagon a karanta allo. A gari irin namu wannan ba wuya, kuɗin keke napep ne. Taswirar Google Maps tana taimakawa wajen lokutan buɗewa da ƙorafin jama'a, shafin binciken sunaye na hukumar CAC kuma yana nuna ainihin sunan da aka yi wa kamfani rajista, don kada ka kira shi da sunan da 'yan unguwa suka laƙaba masa.

Sai kuma mai da zato gaskiya. "Na san kuna asarar kuɗi a kan dizal" magana ce da ba ka da hurumin yi, ba ka ga littafinsu ba, kuma mai wuri zai ji kamar kana faɗa masa bai iya riƙon kasuwancinsa ba. Ka tsaya a kan abin da suka bayyana da bakinsu, sauran ka sa shi cikin tambaya. Haka nan binciken ya tsaya a ƙofar shago. Ambaton auren 'yarsa ko motar da ya saya ba ya nuna ƙwazo, tsoro yake sawa.

Wani zai ce, to ina gaisuwa, mu da ba ma fara magana sai mun tambayi gajiya? Ni dai ban ce a yar da ita ba. "Assalamu alaikum Dakta" a layinta ta wadatar, ta ba shi girmansa, kuma ba ta cinye wurin da ake gani kafin a buɗe. Tambayar iyali da kwanan gida sai ranar da aka zauna a ofishinsa. Ƙanena ya yi tasa ranar Laraba, da mitar awon wuta a cikin jaka.